Rumbun ajiyar code ɗaya ko kowace manhaja da nata?

"Manhajojinmu guda 6 ne, duk suna amfani da laburare ɗaya na tantance masu shiga. Mu haɗa su a rumbu ɗaya, ko mu raba?"

Ɗan'uwa, ku haɗa su. Ranar da kuka sauya sunan wani fili a laburaren, a rumbu ɗaya `commit` guda zai gyara shi tare da manhajojin shida, gwaji ya nuna wadda ta karye nan take. In kun raba, sai kun fitar da sabon sigar laburaren, ku bi rumbu shida kuna sabuntawa, kuma wallahi sai an manta da ɗaya.

Inda haɗawar ke ciwo shi ne gwaji: gyaran layi ɗaya ya tayar da na kowa. Ku saita `paths` a GitHub Actions, kowace manhaja ta gwada kanta kawai idan an taɓa ta ko an taɓa laburaren.