Saƙon bazde ɗaya: a sitatus, a cikin kati, da a bakin makirfo

"Oga barka da dare. Bayan fitarka wani kwastoma ya zo, mahaifiyarsa za ta cika shekara 60 ranar Asabar, yana son abin da zai ɗora a sitatus, da rubutun cikin kati, da jawabin da zai yi wajen walima. Na rubuta guda ɗaya na turo maka, in saka masa shi duka ukun ko sai kowanne da nasa?"

Sadiku, na ga abin da ka turo, Hausarka ba laifi amma wallahi in na goge sunan Hajiyar na saka na Innarka ko na maƙwabciyarmu ta Fagge ba abin da zai canza, "uwa ta gari abar alfahari, Allah ya ja kwana", wannan ai kowa ma haka yake rubutawa. Matsalar tun daga tushe take, ba ka samo maganar da ta zama tata ita kaɗai ba, kuma sai ka samo ta sannan ake maganar raba ta gida uku.

Na ga lambarsa a littafin oda shi ne na kira shi bayan isha'i, ko minti goma ba mu yi ba. Ban ce masa "faɗa min halayenta" ba, in ka yi wannan tambayar amsar da za ka samu ita ce haƙuri da kirki da riƙon addini, shikenan. Cewa na yi, in ka rufe ido ka tuno ta kana ɗan firamare, me take yi? Ya yi shiru sannan ya ce ɗinki. Ashe malamar firamare ce fiye da shekara 30, da rana tana aji, da daddare bayan sun kwanta sai ta hau keken ɗinki irin na ƙafa ɗin nan har wajen ƙarfe ɗaya, kuma da kuɗin ɗinkin aka biya wa su biyar kuɗin makaranta da na jarrabawa. Ya ce har yau in ya ji ƙarar keke barci yake ji. Toh ka ga uwar saƙon kenan: da rana ta koyar da 'ya'yan mutane, da dare ta yi ɗinki don nata su yi karatu. Layi ɗaya ne, rubuta shi a saman takarda, duka ukun daga nan za su fito.

Abin da yake canzawa shi ne wa ake yi wa maganar. A sitatus da mutanen waje yake magana a kanta, sai ka ce "ta". A kati da ita yake magana su biyu, sai "ki" ko "kun" in a gidansu da jam'i ake girmama ta, ka tambaye shi wannan kar ka yi ƙiyasi. A jawabi kuwa zai fara da jama'a ne sannan a ƙarshe ya juyo gare ta. In ka riƙe wannan kaɗai ka gama rabin aikin.

Sitatus shi ne mai sauƙin rubutawa amma shi ya fi saurin jawo rigima, domin duk wanda yake da lambarsa zai gani, abokan kasuwa, surukai, ɗaliban da ta koyar, har wanda ba ya ƙaunarsu. Awa 24 yake yi a WhatsApp ya ɓace, kuma mai kallo yatsansa na kan waya yana jiran ya wuce, don haka layi biyu ko uku ya isa, in ya yi tsawo a ƙasan hoto ma yanke shi ake yi sai an danna kafin a ga sauran, kuma ba mai dannawa. Ga yadda na ga ya dace:

"Da rana malamar kowa, da dare tamu mu kaɗai. Yau Mama ta ƙara shekara, dan Allah ku sa min ita a addu'a."

Lura na cire kuɗin makaranta gaba ɗaya, ko ɗinkin ma ban ambata ba. Shekarun baya na taɓa yi wa wani irin wannan, na zuba masa duk wahalar da uwarsa ta sha har da sayar da ɗan kunnenta, ni a ganina na burge, kafin azahar dangin uban suka fara kira wai an tona musu asiri an nuna wa duniya ɗan'uwansu bai riƙe gida ba, sai da yaron ya goge ya je ya ba da haƙuri. Tun daga ranar nake tace sitatus kamar kamu. Shekarun ma ban saka 60 ba sai ta yarda, hoto kuma haka, Hajiyoyi da yawa ba sa son fuskarsu tana yawo a wayoyin mutane, in ta ƙi sai a ɗauki hoton keken ɗinkin in yana nan, ni wannan ma ya fi min kyau. Sunanta na yanka kuma ba ya shiga, ɗa ba ya kama sunan uwarsa a bainar jama'a, Mama yake ce mata Mama za ka rubuta.

Kati shi ne inda za ka zauna ka nutsu, don shi ba ya ɓacewa, cikin akwati za ta saka shi tare da takardun filinta, bayan shekara goma jika zai ciro ya karanta. Kuma tunda ita kaɗai ce mai karantawa, abin da muka ɓoye a sitatus a nan yake fitowa:

"Mama, muna jin ƙarar kekenki har cikin barci, amma sai da muka girma muka gane kuɗin makarantarmu kike ɗinkawa. Ba za mu iya biyanki ba. Allah ya biya ki da Aljanna, ya ƙara lafiya da nisan kwana."

Kalma wajen 35 kenan, kar ka wuce 40. Kati mai kauri giram 300 za ka ɗauko, A4 a naɗe biyu ya koma A5, a waje ka sa "Mama a shekara 60" kawai da ɗan ado mara hayaniya, rubutun yana ciki a shafin dama, girman harafi kar ya gaza 14 don idon mai shekara 60 ba naka ba ne, kuma ka rabu da wannan salon mai lanƙwashe-lanƙwashe da kake so. Banda wahalar karantawa, yawancinsu ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga ɗan akwati ya fito a wajen harafin ko kuma harafin ya zo da wata kama daban a tsakiyar kalma. A waya kowa yana rubuta "kara" a gane, amma a kati "Allah ya kara lafiya" karan dawa ka rubuta, kuma malamar makaranta za ka ba, da jan biro a zuciyarta za ta karanta. Times New Roman ɗin da ke kwamfutar shago yana da su. In ka gama a CorelDRAW ka zaɓi rubutun ka danna Ctrl+Q ya zama zane kafin ka kai wajen bugawa, in ba haka ba kwamfutarsu za ta iya canza maka salon, amma ka ajiye kwafi ɗaya da ba ka mayar ba saboda gyara. Kwanan wata cikakke har da shekara a ƙasa. Shafin hagu ka bar shi fari fat, su biyar ɗin kowa ya sa hannu da biro, wannan ya fi duk abin da injinmu zai buga daraja a wajenta.

Jawabi kuma kar ka kuskura ka ba shi rubutun katin ya karanta, an riga an ba ta, kuma abin da aka rubuta don ido in aka karanta shi a makirfo bushewa yake yi. Turawa a nan ne suke ɗaga kofi a kurɓa, mu a Kano abin da yake tsaya mana a wannan matsayin shi ne addu'ar da kowa zai ce amin, ko da kofin zoɓo ko kunun aya a hannu amin ɗin ce take rufe magana, don haka duk jawabin gini ne zuwa wajenta. Minti ɗaya da rabi zuwa biyu, in ya wuce haka mata sun koma hira, yara sun nufi wajen kek.

Zai yi sallama, ya gaida manya, kuma a nan na tambaye shi abin da kai ba ka tambaya ba, ashe akwai abokiyar zamanta kuma za ta zo, uban ma yana raye. Saboda haka kalmar "ke kaɗai kika tsaya mana" haramun ce a wannan zauren, sai ya gaida Baba da Umma da bakinsa tun farko. Bayan nan labari ɗaya tak, kamar haka:

"Ina aji huɗu na farka cikin dare na ga fitila a kunne, Mama tana kan keke. Na ce Mama ba za ki kwanta ba? Ta ce saura hannu ɗaya. Jama'a, shekara ashirin wannan hannun rigar bai ƙare ba."

Nan zai tsaya a yi dariya, ka rubuta masa "dakata" a takardar don in tsoro ya kama shi zai wuce da gudu. Wannan "saura hannu ɗaya" ɗin daga bakinsa na ji a waya, ban ƙirƙira ba, kai ma kar ka taɓa ƙirƙirar wa mutum labari, 'yan'uwansa suna zaune za su kalli juna. Daga nan sai layin nan namu na asali ya fito cikakke, da rana 'ya'yan mutane da dare nata, sai ya juyo ya kalle ta ya koma "ki", jimla biyu kawai, sannan addu'a guntu-guntu guda uku da sarari a tsakani don a samu wajen cewa amin: Allah ya ƙara lafiya, Allah ya sa ki ci moriyar wahalarki, Allah ya sa ki gama da duniya lafiya. Addu'a in ta zo a dunƙule doguwa mutane ba sa sanin inda za su amsa, sai ka ji amin ɗin a warwatse.

Jawabin kar ka buga masa shi kalma da kalma, kanun maganar kawai a 'yar takarda da za ta shige tafin hannu, amma ka sa shi ya yi maka a saƙon murya ka duba tsawonsa, duk inda ka ji numfashinsa ya yanke a tsakiyar jimla to jimlar ta yi tsawo, raba ta biyu.

Gobe ka riga ni zuwa ka haɗa katin, ka fitar da gwaji a farar takarda tukunna, ka tura masa hoto ya tabbatar da shekarun da kwanan watan da rubutunsa, ba da baki ba, kafin mu taɓa mai kaurin, guda shida kawai suka rage mana a shago.