Gwajin antibodi na hepatitis C ya nuna akwai: shin na kamu?

"Na je ba wa yayana jini, aka ce gwajina na hepatitis C ya nuna akwai. Ina da cutar ke nan?"

Ɗan'uwa, ba a kai ga yanke wannan hukunci ba tukuna. Gwajin da aka yi maka antibodi yake nema, wato sinadarin da garkuwar jiki ke ƙerawa idan ta haɗu da ƙwayar wannan cuta ta hanta. Shi kuwa yakan zauna a jini shekara da shekaru, ko ƙwayar ta daɗe da tafiya.

Kusan mutum 30 cikin 100 jikinsu ke kawar da ƙwayar da kansa cikin wata 6 da kamuwa. Wanda ya sha magani ya warke ma, antibodinsa na nan. Wani lokacin kuma gwajin ne ya yi kuskure.

Abin da zai raba gardama shi ne gwajin `HCV RNA`, wanda ke neman ƙwayar kanta a cikin jini. In takardar ta ce `Not detected`, babu cutar a jikinka yanzu, ko da yake likita kan maimaita idan ana zargin kamuwar ta cikin wata 6 da suka wuce ce. In ta ce `Detected`, akwai ta, kuma magungunan yanzu na warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 a mako 8 zuwa 12.

Gwajin ya fi na farko tsada, amma kada ka sayi magani, na asibiti ko na gargajiya, kafin ka yi shi. Kafin nan, kada ka yi tarayyar reza ko askar wanzami da kowa.