Yadda ake rubuta sashen nazarin jigo a rahoton bincike

Tambaya: "Na yi hira da mutum 18 masu jinyar 'yan uwansu masu tabin hankali, irin mai jin muryoyi. Yaya zan rubuta yadda na fitar da jigogi?"

Malama, fara da bayyana cewa kin bi matakai shida na nazarin jigo, wato fitar da ma'anonin da ke maimaituwa a cikin hirarraki, da masana Braun da Clarke suka tsara a 2006, sannan ki nuna abin da kika yi da hannunki. Misali: "An rubuta kowace hira kalma bayan kalma a harshen da aka yi ta, an canza sunaye, an karanta sau biyu kafin a fara lakaba wa jimloli alama. An tara alamomi masu dangantaka, aka sake gwada su da hirarrakin 18."

Inda aka fi tuntube shi ne mayar da tambayoyin hira su zama jigogi. "Wahalhalun jinya" kan magana ne kawai, bai ce komai ba. Amma a ce uwa ta ambaci kulle kofa da dare, matar aure ta ce tana boye wukake, wani kuma ya daina zuwa kasuwa. Wadannan alamomi uku suna haduwa a jigo guda: "gadin da ba ya karewa". Idan jigo ya yi daidai da tambayarki, bayani kika jera, ba ki yi nazari ba tukuna.

Kada ki fassara hirar zuwa wani harshe kafin ki sa alama. Wanda ya ce "iska" da wanda ya ce "ciwon kwakwalwa" ba lallai hanyar magani daya suke bi ba, fassara kuwa tana iya hade su.

Ki kuma fadi matsayinki. In ke ma'aikaciyar asibiti ce, wasu za su boye miki zuwa wurin mai rukiyya.