Likita ya ba mu takarda mu kai yarinya wajen ƙwararre kan fiƙar da ta ƙi fitowa, mu tafi ko a cire a nan?

Tambaya daga wata uwa a Gusau: Salam. Ɗiyata shekarunta 13, fiƙarta ta sama ɓangaren hagu har yanzu ba ta famfare ba, ga haƙoran gaba sun hau juna. Munka kai ta wajen likitan haƙori, yac ce babbar fiƙar ta maƙale ciki, ya rubuta takarda mu kai ta wajen ƙwararre. Wani wuri kuma sun ce a kawo ta su cire haƙori guda da kuɗi kaɗan a huta. Wane za mu bi? Ita dai ba ta jin ciwon komai.

Wa alaikumus salam Hajiya. Ku bi takardar, kuma kafin ƙwararren ya ga yarinyar kar a cire mata ko da haƙori ɗaya, har da na nonon da ya ƙi faɗuwa.

Rashin ciwon shi ke yaudarar iyaye. Fiƙar sama tana fitowa ne wajen shekara 11 zuwa 12, tun yaro yana 10 ma in an shafa dasashi can sama da fiƙar nono ana jin tudunta. To a 13 ba ta fito ba, ta makara kenan. Abin da likitanku ke tsoro shi ne fiƙar da ta ɓata hanya tana iya jingina da saiwar haƙorin gaba da ke kusa da ita ta riƙa cin ta a hankali, babu zafi babu kumburi, sai dai wata rana a ga haƙorin yana girgiɗi. Ido ba ya ganin wannan sai hoto.

Yanzu ki buɗe takardar, ko ki koma wajen likitan ya karanta miki, ba laifi ba ne, taku ce. Za ki ga lambobi kina zaton kuɗi ne ko kwanan wata, sunayen haƙora ne. 23 ita ce babbar fiƙar sama ta hagu wadda ta maƙale, 63 fiƙar nono da ke zaune a wurinta, 22 haƙorin gaban da ake tsoron a ci saiwarsa, 24 kuma ƙaramin turmin da ke bayanta. In kin ga ya rubuta 13 alhali hagu ce matsalar, ki yi magana, don 13 fiƙar dama ce, irin wannan kuskuren alƙalamin ya fi sauƙin gyarawa a Gusau da a ce sai kun isa wani gari.

Takarda mai kyau tana faɗin ina fiƙar take, shin ta ɓangaren leɓe ake jin ta ko ta ɓangaren ganda, ko ba a jin ta sam, ko 63 tana motsi, ko 22 ya karkace, sannan nawa ne gurbin da ya rage. Wannan na ƙarshen shi ne kan maganar a wajen ɗiyarki tunda haƙoranta a cunkushe suke. Bari in ba ki misali. Faɗin fiƙar sama wajen milimita 8 ne. A ce likita ya auna tsakanin 22 da 24 ya samu milimita 4 kacal saboda maƙwabtan sun matso, kin ga ko an cire 63 gobe da safe babbar ba ta da inda za ta sauka, ƙofar rabi ce. Cire fiƙar nono dabara ce ta gaskiya, ana yin ta tsakanin shekara 10 zuwa 13 kuma sau da yawa babbar takan miƙe ta fito da kanta, amma fa ta fi aiki in akwai wuri kuma fiƙar ba ta yi nisa da hanyarta ba. In babu wuri sai a wayi gari an cire, giɓin ya ƙara tsukewa, fiƙar tana nan inda take.

Wanda ya fi wannan muni shi ne a cire 24 wai a buɗe hanya. Eh ƙwararru ma sukan cire shi wani lokaci, amma bayan sun duba hoto sun gamsu fiƙar za ta jawu, don akwai wadda takan manne da ƙashi ta ƙi motsi ko ta kwanta a gicciye can sama. In an riga an cire lafiyayyen 24 sannan aka gano fiƙar ba ta zuwa, an yi biyu babu, yarinya ta rasa haƙora biyu a gefe guda. Masu cewa a kawo a cire a huta ban ce mugunta suke nufi ba, kawai wannan hukunci ba na wanda bai ga hoton dukkan bakin ba ne.

Maganar kuɗi. Hoton da za a fara nema sunansa OPG, shi ne mai nuna haƙoran sama da ƙasa gaba ɗaya a faifai ɗaya. In an riga an ɗauka ku karɓi faifan ko hoton a waya ku tafi da shi tare da takardar, kar ku tafi da bayanin baki kawai a sake caje ku. Akwai wani mai tsada, CBCT, da ke nuna fiƙar ta kowace fuska da ko ta taɓa saiwar 22, shi kam kar ku yi gaban kanku ku biya, ba kowane yaro ke buƙata ba kuma ba ko'ina ake da injin ba, ƙwararren ne zai ce.

Sai ki tambayi likitan wa ya rubuta wa. Aikin na mutum biyu ne, likitan daidaita haƙora mai sa waya shi ke tsara komai, likitan tiyatar baki kuma shi ke buɗe dasashi ya manna wa fiƙar ɗan ƙarfe da siririyar sarƙa da za a riƙa jan ta da ita. Na farkon za a fara gani. Ko Sakkwato ya tura ku ko Zariya ko asibitin Malam Aminu Kano, a kira tukuna a ji ranar da likitan wayar ke zama, da halin da hanya ke ciki yanzu ba a yin tafiyar banza.

Zuwan farko dubawa ce kawai, ba ya tilasta ku sa waya. Amma in waya aka yanke, ku san aikin yakan ci shekara 2 zuwa 3, ana komawa kusan duk wata ɗaya ko biyu a ɗaure, don haka kuɗin mota ku haɗa shi cikin lissafi tun farko, ku tambaya ko ana biya kashi-kashi. In ba za ku iya ba ku faɗa masa gaskiya a ranar, akwai wasu hanyoyin, kamar a cire fiƙar da ta maƙale a bar 24 ya tsaya a madadinta, ko a bar ta ana bibiya da hoto in ba ta ɓarnar komai. Wayar da aka fara aka watsar a tsakiya ta fi rashin sawa illa. Wayar kwalliya da ake tallatawa a wayar hannu kuwa, wadda 'yan mata ke sawa don gayu, ba ta jan fiƙa, kar ma ta shiga bakinta.

Kar takardar ta kwana a jaka sai an yi hutun ƙarshen shekara, ku nemi rana cikin makonnin nan, don jan fiƙa ya fi sauƙi a shekarunta na yanzu. Kafin nan ta dage da buroshi safe da dare, in akwai haƙori mai rami a cike shi a nan Gusau, ba a sa waya a bakin da dasashi ke jini. Allah ya ba ta lafiya.