Wane irin UPS ya dace da ƙaramin akwatin NAS a wutar Sakkwato?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗakin hoto a Mabera, cikin Sakkwato. Hotunan biki da bidiyon mutane duk suna cikin akwatin NAS mai faifai biyu, kowanne 4TB, tare da rauta guda. Ana ɗauke wuta sau da yawa a yini, akwatin kuma har ya fara ƙara yana cewa yana gyaran ajiya. Wani ya ce in sayi UPS mai 650VA, wani ya ce sai 2000VA. Wanne zan saya, kuma awa nawa zai riƙe min?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Mai 650VA ya ishe ka, da sharaɗin yana da ƙofar USB da zai yi magana da akwatin. Batun awa nawa kuwa, cire shi daga lissafi. Aikin UPS a nan shi ne ya riƙe akwatin na 'yan mintoci, ya sanar da shi cewa wuta ta tafi, akwatin ya kammala rubutunsa ya kwanta da kansa. Idan aiki kake so ka ci gaba da yi na awa uku ko huɗu babu wuta, wannan aikin inbata ne ko sola, UPS kuma ya zauna tsakaninsu da akwatin.

Ƙarar da kake ji tana da dalili. Idan ka tura fayil, akwatin ba ya rubuta shi a faifai nan take. Yana fara tara shi a ƙwaƙwalwarsa ta wucin gadi, faifan ma yana da tasa ƙarama, sannan a sauke a hankali. Kwamfutarka za ta ce an gama kwafi alhali wani sashe bai sauka ba tukuna. Wuta na tafiya a wannan tsakanin, wannan sashen ya ɓace. Faifai biyu a irin wannan akwati galibi tsarin RAID 1 ake yi musu, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya a rubuta shi a ɗayan. Idan wuta ta yanke bayan ɗaya ya karɓa ɗayan bai karɓa ba, sun saɓa ke nan, sai akwatin ya zauna yana daidaita su. A faifan 4TB cikakken daidaitawa yana cin awanni da dama, faifan yana ta aiki yana zafi, idan kuma aka sake ɗauke wuta a tsakiya to matsala ta hau kan matsala. Shi kansa faifan, allurarsa tana shawagi ne dab da farantin da ke juyawa, yankewar wuta tana sa ta koma mazauninta da gaggawa. An ƙera ta don ta jure hakan, amma ba a ƙera ta don a riƙa yi mata haka kullum ba.

Kana iya ganin sau nawa hakan ta faru. Idan ka shiga akwatin ta SSH, wato hanyar buga masa umarni daga kwamfutarka:

```
sudo smartctl -A -d sat /dev/sda
cat /proc/mdstat
```

A na farko duba layin `192 Power-Off_Retract_Count`. A yawancin faifai shi ke ƙirga janye allura na gaggawa. Duba kuma `5 Reallocated_Sector_Ct` da `197 Current_Pending_Sector`. Waɗannan biyun sifili ake so. Idan sun tashi daga sifili suna kuma ƙaruwa, fara kwashe hotunan zuwa wani faifai daban kafin ma ka je kasuwar UPS. A na biyu, `[UU]` na nufin faifan biyu suna tare, `[U_]` kuwa ɗaya ya fita daga sahu. A wasu akwatunan sunan faifan `/dev/sata1` ne maimakon `/dev/sda`.

Sai lissafin girma. Kada ka ɗauki lambar da ke jikin adaftar akwatin, wadda kan ce 60W ko 65W. Wannan iyakar abin da adaftar za ta iya bayarwa ce. Akwati mai faifai biyu yana cin wajen wat 20 zuwa 25 idan yana aiki. Rauta wajen wat 10. Idan akwai ƙaramin suwic na netwok, ƙara 5. Ka samu wat 40 ke nan. Lokacin kunnawa ne kawai cin yake tsalle, domin kowane faifai mai inci 3.5 yana jan kusan am 2 a kan bolt 12 kafin farantinsa ya ɗauki gudu, wato kusan wat 25 kowanne na 'yan daƙiƙu. Ko da haka ba za ka wuce wat 80 ba.

VA da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali ba wat ba ne. A ƙananan UPS wat ɗin kan zama kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari na VA, shi ya sa mai 650VA za ka ga an rubuta 360W ko 390W a bayansa. Wat 80 a kan 360 ko kwata bai kai ba. Ta fuskar ƙarfi, mai 2000VA asarar kuɗi ce.

Tsawon lokaci kuma batir ke yanke shi, VA ba ruwansa. Mai 650VA kusan kullum batir ɗaya ne a ciki, 12V 7Ah. A takarda 12 × 7 = 84Wh. Sai dai wannan 7Ah an auna shi ne idan an ja wutar a hankali cikin awa 20. Idan aka zuƙe shi cikin awa guda, kusan kashi 60 cikin ɗari kawai yake bayarwa. Mayar da bolt 12 zuwa 230 ma yana cin nasa, a ƙaramin lodi irin naka a ce kashi 75 ke fita.

```
84 × 0.6 × 0.75 ≈ 38 Wh
38 ÷ 40 W ≈ 0.95
```

Awa 0.95, kusan minti 57 ke nan, da sabon batir na ƙwarai kuma cike. Ni dai rabin wannan nake ba mutane shawara su riƙe a ka, kuma a Sakkwato dalilin a fili yake. Batirin dalma da ke cikin UPS an tsara rayuwarsa ne a kan zafin digiri 20 zuwa 25, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana raba rayuwar biyu. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari ke haura 40, shago mai rufin kwano da ba na'urar sanyaya ɗaki yana dafa batir ne kawai. Wanda aka ce zai yi shekara uku zuwa biyar, kada ka yi mamaki in ya gaji cikin shekara guda ko ɗaya da rabi. Ka ajiye UPS a ƙasa-ƙasa inda iska ke ratsawa, nesa da bangon da rana ke duka, kada a cusa shi cikin kabad tare da akwatin, kuma a riƙa kaɗe ƙurar hunturu daga ramukan iskarsa.

Wurin da mutane suka fi yin kuskure shi ne saitin lokacin kashewa. Suna barin akwatin ya yi ta aiki har sai batir ya kusa ƙarewa. Inda wuta ke tafiya sau ɗaya a wata wannan ba laifi, a wurinmu kuwa babban laifi ne. Ƙaramin UPS yana buƙatar awa shida zuwa takwas kafin ya sake cika. Ka ɗauka an ɗauke wuta da hantsi, batir ya zube ƙasa, an kawo da azahar, akwatin ya tashi, bayan minti ashirin an sake ɗaukewa. Yanzu batirin ba shi da abin da zai riƙe akwatin har ya rufe, sai ya mutu kamar babu UPS ɗin sam. Ga shi kuma zuƙe batirin dalma har ƙasa a kai a kai yana kashe shi da wuri. Saboda haka sa minti biyar. Minti biyar a wat 40, da mintoci biyu ko uku na rufewa, bai kai wat-awa 6 ba cikin 38, don haka batirin zai iya ɗaukar yankewa huɗu ko biyar a jere ko bai samu caji sosai ba. Idan kana da janareto kuma yaron shago yakan ɗauki minti bakwai kafin ya tayar ya juya layi, sa minti goma, kada ka wuce haka.

Saitin ba wuya. Haɗa wayar USB daga UPS zuwa bayan akwatin. Idan Synology ne, shiga `Control Panel`, `Hardware & Power`, shafin `UPS`, ka kunna shi ka sa mintocin; a shafin `General` kuma ka kunna tashi da kansa idan wuta ta dawo. A QNAP yana ƙarƙashin `External Device`. Kafin ka biya kuɗi, duba jerin UPS da kamfanin akwatinka ya ce suna aiki da shi, sannan ka juya bayan na'urar da idonka. Ƙofar da kake nema mai kusurwa huɗu ce irin ta firinta. Da yawa daga masu araha a kasuwa ba su da ita, wasu kuma USB ɗin da ke gabansu na cajin waya ne kawai. UPS da ba ya magana da akwatin jinkirta faɗuwar kawai yake yi: idan wuta ta tafi da dare ba kowa a shago, batir zai ƙare akwatin ya mutu a tsakiyar aiki.

Abubuwa biyu kuma za ka tambayi mai shago. Na farko, ko yana da AVR, wato yana ɗaga wuta idan ta yi ƙasa ba tare da ya koma batir ba. Idan wutar unguwa ta sauko 180 ko 190 da yamma, wanda ba shi da wannan zai yi ta komawa batir alhali akwai wuta, har ya zube. Na biyu, wasu ƙananan UPS suna kashe kansu bayan 'yan mintoci a kan batir idan lodin ya yi ƙanƙanta, suna zaton ba a jona komai ba. Lodinka ƙarami ne, yana iya faɗawa wannan tarkon, don haka duba takardarsa ko ana iya kashe wannan tsarin. Batun tsaftatacciyar igiyar wuta da ake yawan talla, akwati mai adaftar waje irin naka yakan zauna lafiya ko da UPS na gama-gari. Manyan akwatuna masu na'urar wuta a ciki ne ke yin tsirfa.

Janareto ƙarami yana da tasa matsalar. Idan gudunsa yana hawa yana sauka daga 50Hz, UPS kan ƙi karɓar wutarsa, ka ji yana ƙyas-ƙyas yana komawa batir. Idan naka yana da saitin `sensitivity`, mayar da shi ƙasa. Idan ba shi da shi, a gyara gudun janareton. Kada kuma a jona firintar lesa, fanka ko injin liƙa hoto a UPS ɗin nan. Firintar lesa kaɗai tana jan ɗaruruwan wat idan tana ɗumama, nan take za ta kayar da shi tare da akwatin.

Bayan ka haɗa komai ka bar shi ya yi caji dare guda, gwada shi. Kashe makunnin soket ɗin bango, ka bar filogin a ciki domin layin ƙasa ya zauna a haɗe, sannan ka shiga akwatin ta SSH ka buga:

```
upsc ups@localhost
```

A QNAP `qnapups@localhost` za ka sa. `ups.status` ya kamata ya juya daga `OL`, wato wutar layi, zuwa `OB`, wato batir, `battery.runtime` kuma yana nuna daƙiƙun da suka rage. Riƙe agogo ka ga akwatin ya kwanta a lokacin da ka sa, ka mayar da wuta ka ga ya tashi da kansa. Maimaita wannan duk wata uku, musamman ƙarshen Mayu bayan zafi ya gama aikinsa. Idan cajin ya faɗo daga 100 zuwa ƙasa da 50 cikin minti biyar, ko batirin ya kumbura a gefe, canza shi da wani 12V 7Ah, ko 9Ah mai girma ɗaya idan ka samu, ka kuma duba faɗin ƙafafunsa kafin ka baro shagon domin iri biyu ne.