Juya hotunan RAW zuwa JPEG gaba ɗaya: makomar launi da haske

Tambaya: Na ɗauki hotunan taro 400 a RAW, wasu a waje, wasu a cikin zaure. Da na juya su JPEG a lokaci guda, sai na cikin zauren suka yi ruwan ɗorawa, wasu kuma suka fi yadda na gan su a allon kyamara duhu. Me ya jawo haka?

Amsa: Abin da ka gani a allon kyamara ƙaramin JPEG ne da kyamarar ta sarrafa da kanta ta saka cikin fayil ɗin. A RAW ɗin kansa, daidaiton fari, wato White Balance, bayani ne kawai da aka rubuta a gefe, wanda ke gaya wa manhaja yadda za ta ƙarfafa ja da shuɗi, shi ya sa ake sauya shi ba tare da hoton ya lalace ba. Da zarar an fitar da JPEG, wannan zaɓi ya zauna daram, kuma matakan haske 16,384 da RAW mai bit 14 ke riƙewa sun koma 256 a kowane launi, don haka babban gyara bayan nan yakan sa sararin sama ya fito layi-layi, fatar mutane kuma ta yi dabbare-dabbare.

Mai yiwuwa saiti ɗaya ya hau kan hotunan duka. Hasken rana yana wajen kelbin 5500, na ƙwan fitila mai zafi kuwa wajen 3000, kuma idan aka ɗora lissafin rana a kan hoton zaure, dole farar riga ta koma ɗorawa. Ka raba hotunan gwargwadon hasken da aka ɗauke su a ciki. A rukunin zaure ka zaɓi hoto ɗaya, ka taɓa wani abu fari ko ruwan toka wanda haske bai ƙone shi ba da alƙalamin daidaita fari, sannan a manhajar Lightroom ka zaɓi sauran hotunan rukunin tare da shi, ka danna Sync, ka zaɓi White Balance kaɗai. Na fi son wannan a kan barin As Shot, wato saitin da kyamara ta rubuta lokacin ɗauka, idan kyamarar tana kan zaɓi na atomatik, domin launi yakan ɗan sauya daga hoto zuwa hoto ko da fitilar ba ta sauya ba.

Haske kuwa kada ka kwafa shi da ido rufe. Ƙarin +1.00 a Exposure yana ninka haske sau biyu, ya gyara hoto mai duhu amma ya ƙone wanda dama ya yi daidai, kuma wurin da ya kai 255 a JPEG ba ya dawowa, alhali a RAW sau da yawa ana iya ceto wani ɓangare nasa. Duhun da ka lura da shi yana iya fitowa daga saiti irin Active D-Lighting na Nikon, wanda ke rage haske lokacin ɗauka don kare wurare masu ƙyalli, sannan kyamarar ta haskaka inuwa a nata JPEG ɗin. Manhajar da ba ta Nikon ba kuwa sau da yawa ba ta maimaita wannan aiki.

Kafin ka sake fitar da duka, ka gwada hotuna kaɗan daga kowane rukuni a sRGB, ka kunna gargaɗin ƙonewar haske ka duba fuskoki da fararen tufafi. Ka kuma ajiye fayilolin RAW ɗin, domin daga gare su ake sake fitarwa idan wani gyara ya taso.