Ƙuma ta dawo bayan wanka, ga ɓeraye a rumbu: da wanne za a fara?

Tambaya: "Awakina goma ne a garke, da kare ɗaya. Na yi musu wankan maganin ƙuma, ko sati biyu ba a yi ba ta dawo kamar ban yi komai ba. Jabun magani aka sayar mini? Kuma ɓeraye sun addabi rumbuna, ina so in sa musu guba, amma wani ya ce ƙumar ɓera tana kawo annoba. Gaskiya ne?"

Malam, da wuya laifin magani ne. Wanka yana kashe ƙumar da ke jikin dabba a ranar, ita kuwa wannan ita ce mafi ƙanƙantar kaso. Masana suna kwatanta abin da cewa a cikin ƙuma 100 da ke gida, kamar 5 ne kawai manya masu tsalle da cizo. Wajen 50 ƙwai ne, 35 tsutsa, 10 kuma suna kwance cikin ƙunshin da tsutsa ke saƙa wa kanta. Duk waɗannan 95 ɗin a ƙasa suke, a gindin turke, cikin taki da ragowar harawa, da inda karenka yake kwana. Ƙiyasi ne, ba awo ba, amma ya isa ya nuna maka inda aikin yake.

Dalilin yana cikin ƙwan. Ƙumar da ta fi damun awaki da tumaki da maruƙa ita ce dai ta kyanwa da kare. Macen takan fara ƙwai kwana 1 zuwa 2 bayan ta fara shan jini, tana yin 20 zuwa 50 a rana. Ƙwan fari ne, bai wuce rabin milimita ba, kuma sumul yake. Kwarkwata tana liƙa nata a gashi, shi ya sa wanka ke cin ta. Na ƙuma zubewa yake duk inda dabba ta kwanta ko ta yi susa. Ka ɗauka mata 20 ne kacal a jikin awakinka, kowace tana yin 25 a rana. Ƙwai 500 ke nan kullum, 3,500 a mako, duk suna sauka a ƙasan garke.

Cikin kwana 2 zuwa 10 ƙwan zai fashe, tsutsa ta fito. Fara ce, siririya, ba ƙafa ba ido, idan ta ƙosa ba ta wuce rabin santimita. Ba ta cizo, ba ta hawa dabba. Abincinta kashin manyan ƙuma ne, wato busasshen jinin da suke kasayarwa, wanda shi ma zubowa yake tare da ƙwan. Tana gudun haske, sai ta nutse cikin taki ko tsagar daɓe. Rauninta ɗaya, bushewa. Idan danshin iska ya yi ƙasa da kashi 50 cikin 100 mutuwa take, haka idan zafi ya haura digiri 35. To me ya sa ake ganin ƙuma har a tsakiyar rani? Saboda ƙarƙashin takin da fitsari ya jiƙa akwai sanyi da laima ko da hunturu ya busar da komai a sarari. Garken da aka bar taki ya yi tudu don a kai gona da bazara, shi ne ke rainon ta.

Bayan mako 1 zuwa 2 tsutsar za ta saƙa wa kanta ƙunshi mai danƙo, ƙura ta manne masa har ya zama kamar ɗan ƙwayar ƙasa. Wannan matakin ne ya ba ka kunya. Feshi ba ya ratsa ƙunshin sosai. A cikinsa take rikiɗa ta zama cikakkiyar ƙuma cikin mako 1 zuwa 2, kuma ba dole ta fito nan take ba. Tana iya zama watanni tana jira, sai ta ji takun ƙafa ko ɗumin jiki ko numfashi ta fasa ta yi tsalle. Wanda ya taɓa buɗe sito da aka daɗe da kullewa, ƙuma ta yanyame masa ƙafa kafin ya kai tsakiyar ɗaki, wannan ya gani. Wadda ka gani bayan sati biyu ba tsohuwar ba ce ta farfaɗo, 'ya'yanta ne suka iso.

Kafin ka sake kashe kuɗi, ka gano inda ta taru. Sa farar safa doguwa ka taka cikin garke a hankali na minti biyu, ka duba. Inda ta fi hawa nan ne matattararta. Da dare kuma a ajiye faranti da ruwa da ɗan sabulu a ƙarƙashin fitila, da safe a ƙirga. A jikin dabba, taje gashin wuya da ciki da ƙafafu a kan jiƙaƙƙiyar farar takarda. Baƙin gari da ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne. 'Yan awaki su ne abin tsoro, domin ƙuma mai yawa tana shanye musu jini har su mutu. Ja fatar idon ta ƙasa: idan cikinta ya yi fari maimakon ja, wannan ɗan akuyar likitan dabbobi yake buƙata, ba wanka kaɗai ba.

Aikin a rana ɗaya ake haɗa shi. A fitar da dabbobi, a kwashe taki har a tarar da ƙasa mai tauri, a kai shi nesa da gida a baza a rana. A ƙone tsummokara da buhun da kare ke kwana a kai, ko a dafa su. Sannan a fesa ƙasan garken, gindin turaku, da bango zuwa tsayin gwiwa, da maganin da aka yi don wannan, bisa ma'aunin da ke jikin kwalbarsa. A ranar a yi wa dukkan awaki, da kare, da kyanwa idan akwai. Wanda aka tsallake shi zai mayar da hannun agogo baya. A maimaita rana ta 14, a sake rana ta 28, ana shara tsakani, saboda waɗanda ke fitowa daga ƙunshi su tarar da magani kafin su yi ƙwai. Ganin 'yan ƙuma a mako na biyu ba alamar gazawa ba ce. Idan farantin dare yana raguwa mako bayan mako, aiki yana ci. Gargaɗi biyu: maganin da ke da sinadarin fametirin yana kashe kyanwa, kada a shafa mata na kare. Maganin feshin gona kuma ba na jikin dabba ba ne, ko an tsarma shi.

Maganar annoba, wato cutar da ake kira plague da Turanci, gaskiya ce, amma ba kowace ƙuma ba. Ta jikin akuyarka ba ta iya ɗaukar cutar sosai. Gwanar ita ce ƙumar ɓera, wadda ƙwanta da tsutsarta suke cikin sheƙar ɓera da raminsa, inda laima ba ta yankewa. Ƙwayar cutar bakteriya ce, likita Alexandre Yersin ya gano ta a Hong Kong a 1894, sannan a 1898 wani likitan, Paul-Louis Simond, ya nuna a Karachi cewa ƙuma ce ke kai ta daga ɓera zuwa ɓera. Ba a haifar ƙuma da ita, ba ta bi ta ƙwai. Sai babbar ƙuma ta sha jinin ɓera mai ciwon, ƙwayoyin su hayayyafa a mashigar cikinta har su dunƙule su toshe hanya. Daga nan komai ta tsotsa ba ya wucewa. Yunwa ta sa ta yi ta cizo ba ƙaƙƙautawa, jinin ya je ya daki toshiyar, ya dawo cikin raunin ɗauke da ƙwayoyin. Muddin ɓeranta yana raye, shi ta fi so. Da ya mutu jikinsa ya yi sanyi, sai ta bar shi ta nemi jini mafi kusa, kuma a rumbu ko ɗakin kwana wannan na mutum ne.

Don haka a inda cutar take, ƙa'idar ma'aikatan lafiya ita ce ƙuma tukuna, ɓera daga baya. Wanda ya fara da guba ya kashe masaukin ya saki baƙin. A yau ƙasashen da aka fi samun cutar su ne Madagaska da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da Peru. A tsaunukan Madagaska, inda ake ajiye shinkafa cikin ɗakin da ake kwana, tana da lokacinta, daga Satumba zuwa Afrilu, kuma a 2017 ta kama mutum sama da 2,000 a ƙasar, fiye da 200 suka rasu. Nijeriya da Nijar ba sa cikin waɗannan ƙasashe, kada hankalinka ya tashi. Amma Afirka ta Yamma ta taɓa ɗanɗana ta, jiragen ruwa suka kawo ta: Accra a 1908, Kumasi da Legas a 1924. Ciwon ɓera da ya fi kusa da manomin Nijeriya yanzu zazzaɓin Lassa ne, shi kuwa ta fitsari da kashin ɓera yake zuwa, ba ruwansa da ƙuma.

Duk da haka ka bi wannan jerin a rumbunka, ko don ka huta da cizo. Barbaɗa hodar kashe ƙuma a bakin ramuka da hanyar da ɓerayen ke bi a jikin bango, nesa da hatsi, don su kwashe ta a gashinsu su kai cikin sheƙa. Ka ba ta 'yan kwanaki, sannan tarko ko guba. Mushen ɓera ba a ɗaukarsa da hannu: a fesa masa magani, a ɗauka da shebur, a binne da zurfi ko a ƙone. Kada ka toshe ramukan sai an gama, in ba haka ba za su haƙa sabo inda ba hoda. Daga baya a liƙe da siminti ko laka mai tsakuwa, a ɗaga buhuna a kan katako, a bar rata tsakaninsu da bango.

Abu ɗaya ne zai sa ka ajiye komai ka nufi hukumar lafiya: ɓeraye suna mutuwa da yawa ba wanda ya sa musu guba. A inda annobar ke ɓulla, wannan ne ke riga ciwon mutane. A jikin mutum takan bayyana kwana 1 zuwa 7 bayan cizo, da zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai, da kaluluwa mai tsananin zafi a matsematsi ko hammata ko wuya, gwargwadon inda aka ciza. Ba a matsa ta, ba a tsaga ta. Idan ba magani, tana kashe 30 zuwa 60 cikin 100, amma magungunan kashe bakteriya na asibiti suna warkar da ita idan an fara da wuri. Idan ta kai huhu, mai ita yana tari da jini, ta daina buƙatar ƙuma, numfashi ya isa ya kai ta ga na kusa, kuma dole a fara magani cikin awa 24 da fara alamun.